Jama'a ku taya ni duba abin da zan rubuta a allon shagona da shafin Instagram

Auwalu Tela: Assalamu alaikum 'yan uwa masu sana'a, barkanmu da warhaka. Ina neman shawara don Allah. Allah ya nufa na bar wurin maigidana na kama shago nawa a Tarauni, keke biyu da na wibin ɗaya da yaro ɗaya. To yanzu mai allo yana jiran in ba shi abin da zai rubuta, kuma ƙanina ya buɗe min shafi a Instagram ya ce in kawo bayanin da za a sa a ƙarƙashin suna. Ga abin da na rubuta, so nake in sa shi duka wuri biyun:

"Barka da zuwa shagon Auwalu Tela, gwanaye a fannin ɗinkin zamani na maza da mata da yara, kaftani, babbar riga, anko, yunifom, kayan amare da sauransu. Aiki mai inganci, farashi mai rahusa, ba ma saɓa alƙawari. Sai an gwada akan san na ƙwarai."

Sai lambar waya guda biyu a ƙasa. Ya kuka gani, ya yi ko a ƙara wani abu?

Maman Ilham: Wa alaikumus salam, masha Allah, Allah ya sanya alheri ya kawo kasuwa. Ni dai a ganina ya yi kyau, sai dai ya ɗan yi tsawo

Baba Ɗanjuma mai fenti: Allah ya sa albarka Auwalu. Kafin in ce komai, allon nawa ne girmansa, kuma shagon bakin titi yake ko cikin layi?

Auwalu Tela: Baba ƙafa 6 ne a tsawo, ƙafa 2 a tsaye, daidai saman ƙofa. Bakin titi ne amma akwai kwata da ɗan fili a gaba, masu adaidaita na wucewa sosai

Baba Ɗanjuma mai fenti: To wannan rubutun naka ba zai shiga ba ɗana, ko ya shiga ba mai iya karanta shi sai wanda ya zo ya tsaya a bakin ƙofarka, shi kuma wannan ai ya riga ya ga keke da yadi a rataye ya san tela ne. Allo na wanda yake can tsallaken titi ne ko yake cikin adaidaita yana wucewa. Mu a aikinmu lissafin da muke bi shi ne duk ƙafa 10 na nisa harafi yana son inci 1 na tsayi in ana so a karanta ba tare da an ƙanƙance ido ba. In daga ƙofarka zuwa ɗaya gefen titin ya kai ƙafa 40, to mafi ƙanƙantar harafi a allon nan kar ya gaza inci 4.

Yanzu duba. Ƙafa 2 inci 24 ke nan. In ka ba suna inci 7, layin aiki inci 4, lambar waya inci 5, ka cinye 16, saura 8 kuma su ne tazarar da ke tsakanin layuka da gefen sama da ƙasa, ba a taɓa su in ba haka ba rubutu ya cunkushe. Layi uku kawai gare ka. Ta faɗi kuma inci 72 ne, harafi mai inci 4 yana cin kusan inci 3 a kwance in ka haɗa da tazara, wato haruffa ashirin da 'yan kai ne za su shiga layi ɗaya. Ni da ni ne ga abin da zan rubuta:

AUWALU TELA
KAFTANI • BABBAR RIGA
lambar waya guda ɗaya

Shi ke nan.

Auwalu Tela: Kai Baba, duk sauran a zubar? To anko da yunifom fa, ai su ma suna kawo kuɗi

Sadiya Kaduna: Ni tambayata ma a nan take. Malam Auwalu tsakani da Allah kana ɗinkin mata? Wato in na kawo leshi in ce riga da siket mai lainin da zif a baya, kai da hannunka za ka yanka?

Auwalu Tela: Gaskiya Hajiya maigidana na maza yake yi, a kan shi na tashi. Na mata ina iya zani da riga mai sauƙi da hijabi, amma irin wanda kika faɗa sai dai in ba wani abokina ya yi min. Na sa ne don kar in rufe wa kaina ƙofa

Sadiya Kaduna: To ka cire shi don Allah. Abin da zai faru shi ne mace za ta ga "mata" ta kawo leshinta mai tsada na biki, ka karɓa ka kai wa abokinka, shi bai ga jikinta ba awon da ka ɗauka kawai ya gani, kuma awon mata ba irin na maza ba ne, akwai ƙirji akwai ƙarƙashin ƙirji akwai ƙugu da mazaunai da tsayin da za a yanke rabin riga, in ɗaya ya kauce rigar ba za ta zauna ba. Ranar da ta zo gwadawa ba sunan abokinka za ta kira ba, naka ne a allo. Leshi kuma in an yanka an yanka, ba a mayar da shi. Mace ɗaya in ta ɓata rai da kai duk 'yan ankon sun ji kafin magariba. Ka rubuta abin da kai kanka ka san in an tashe ka daga barci za ka yanka ba fargaba, sauran in mutum ya shigo ya tambaya sai ku yi magana baki da baki.

Ibro Maraɗi: Ni ban yarda da duka ba. Sabon shago ne, bai da kwastoma tukuna, in ya rubuta kaftani da babbar riga kaɗai mai neman yunifom ɗin yara ya wuce shi ke nan. A nan wurinmu telan unguwa komai yake yi, kuma lokacin komawa makaranta yunifom ne ke riƙe mutane. Kar ku sa yaro ya zauna yana jiran babbar riga, mutum nawa ne ke ɗinka babbar riga in ba salla ko biki ba

Baba Ɗanjuma mai fenti: Maganarka da ƙamshin gaskiya Ibro, amma wannan ba a babban allo ake sa shi ba. Ƙaramin allo na katako ko kwali a rataye a ƙofa, "ana karɓar yunifom", idan lokacin ya wuce a cire. Abin da ke zuwa lokaci-lokaci ba a buga shi a abin da zai shekara biyu uku a sama.

Ibro Maraɗi: To haka ya yi. Amma ni dai da zan sa ƊINKIN MAZA a layi na biyu maimakon kaftani da babbar riga, ya fi faɗi, ya ɗauki jamfa da wando da 'yar shara da na yara maza duka

Sadiya Kaduna: Wannan ma ba laifi gaskiya, haruffan ma sun fi kaɗan sai su fi girma

Nura 09: Salam, ni ma ina neman aikin tela, na iya kaftani da haɗa wuya, in akwai mai ɗauka a Kano ga ni. Ko takardar neman aiki ce ake rubutawa a nan a taimaka min da samfuri

Maman Ilham: A'a Nura ba neman aiki ba ne, rubutun allon shago ake magana. Ka sa naka daban a zauren za a gani insha Allah

Abba Gwale: Bari in shigo ta ɓangaren waya tunda shi nake yi wa masu shaguna. Yaya Auwalu abu na farko, allo daban shafi daban, ba rubutu ɗaya za ka sa ba. Mai kallon allo ya san inda kake tunda ga shi a gaban shagon, abin da bai sani ba shi ne me kake yi da yadda zai kira ka. Mai kallon shafi kuma yana ganin aikinka a hotuna, abin da bai sani ba shi ne a ina kake. Ka lura a rubutunka kaf ba inda ka ce Kano, mutum yana Jos ko Yamai ya ga kaftani ya burge shi zai fara turo saƙo kuna ta hira sai can ya gane ba gari ɗaya kuke ba, shi kuma na Hotoro da ke kusa da kai bai ma san kana kusa ba.

Na biyu, wurin da ake kira Bio a Instagram harafi 150 kawai yake ɗauka har da tazarar da ke tsakanin kalmomi, naka ya haura 200, ba zai ma karɓa ba. Don haka "barka da zuwa" da "gwanaye a fannin" duk cin wuri ne. Ga yadda zan tsara maka:

Telan maza a Kano, Tarauni
Kaftani da babbar riga, aikin hannu da na inji
Kwana 10 ka karɓa, ban da azumi
WhatsApp a ƙasa

Wannan bai kai 130 ba, akwai sauran wuri in kana son ƙara alamar da za a gane shagon da ita, kamar kusa da masallaci kaza ko daura da gidan mai kaza, domin mu nan da kwatance ake samun wuri ba da lambar gida ba. Kwana 10 ɗin ni na sa a matsayin misali, kai ka san gaskiyar hannunka sai ka gyara.

Sannan akwai wurin Name, wanda yake daban da Username. Kar ka bar shi da sunanka kawai, ka rubuta "Auwalu Tela Kano", saboda in mutum ya shiga bincike ya rubuta tela Kano abin da ke wurin nan yana cikin abin da ake dubawa.

Auwalu Tela: Abba Allah ya saka da alheri. Amma na ga ka cire "ba ma saɓa alƙawari", ni kuma ita ce na fi so a ciki wallahi, don abin da aka fi zagin teloli da shi ke nan kuma ni na tsani abin

Abba Gwale: Ban cire ba yaya, ita ce ta koma "kwana 10 ka karɓa". Ka zaga ka duba allunan teloli, kusan kowa ya rubuta cika alƙawari har wanda ke kashe waya daren salla, ido ya saba da ita ba ta cewa komai. Amma in ka sa adadin kwana mutum zai iya riƙe ka da shi, shi ya sa yake yarda.

Malam Sabo Fagge: Nan ne ni nake da ja. Na daɗe a sana'ar nan, kuma ina gaya maka Auwalu kar ka rubuta adadin kwana a ko'ina. Kai kaɗai ne da yaro ɗaya. Babbar riga in mai aikin hannu ce ba a hannunka take ba, kai yanka da haɗawa ne naka, sai ka kai wa mai aiki shi kuma yana da nasa layin, wani aikin ya yi wata ba a gama ba. Na inji ma sai ka bi layi a wurin masu kwamfuta, ga wuta da ba ta da tabbas, ga ciwo ga rasuwa. Ranar da ka kai kwana 12 mutum zai ɗauki hoton shafinka ya turo maka ya ce ga abin da ka rubuta da hannunka. Alƙawari da baki ake yi bayan ka ga kayan ka duba littafinka ka ga mutum nawa ne a gabansa, sannan ka rubuta masa rana a rasit tare da kafin alƙalamin da ya bayar.

Abba Gwale: Malam gaskiya ne a kan babbar riga, ban yi tunanin mai aikin hannu ba a lissafin. To a taƙaita shi, "Kaftani kwana 10", babbar riga a bar ta sai an yi magana. Kuma shafi ba allo ba ne, minti ɗaya ya isa ka canza, in aiki ya yi maka yawa ka mayar da shi sati biyu, in azumi ya kama ka goge ka sa ranar da za ka rufe karɓar kayan salla. Wannan layin na rufe karɓa ma ya fi komai amfani a shekara, yana rage masu zuwa ana saura kwana uku suna haɗa ka da Allah.

Malam Sabo Fagge: Na rufe karɓar kayan salla na yarda da shi ɗari bisa ɗari, ni ma a kwali nake rubutawa in manna a ƙofa tun goman farko. Amma adadin kwana har yanzu ban gamsu ba, mutanenmu ba sa tuna sun canza abu a waya, zai sa ya manta da shi shekara guda

Maman Ilham: Ni kuma tawa matsalar daban ce tunda ana maganar. A gida nake ɗinki, ba ni da allo sai shafi kawai da WhatsApp. Da na sa lambata a fili maza suka dinga kira da daddare ba ɗinki suke nema ba, har maigidan ya ce a sauke shafin gaba ɗaya. Yanzu ban san me zan rubuta ba, in ban sa lamba da unguwa ba ta yaya za a same ni

Sadiya Kaduna: Maman Ilham ki sayi layi daban na sana'a kawai, ki sa WhatsApp Business a kai, kar ki haɗa da layin da dangi ke kiranki. A bayanin ki rubuta "ɗinkin mata zalla, mata kaɗai ake saurara, saƙo kawai ban da kira", ki sa lokaci kamar 9 na safe zuwa 6 na yamma. Unguwa ki faɗi sunanta kawai kar ki sa kwatancen gida, sai wadda kuka yi magana kika ji muryarta kika tabbatar mace ce sannan ki tura mata. Ba zai hana marasa kunya duka ba amma yana ragewa sosai, wanda ya kira kuma ki toshe shi ba sai kin amsa ba. Ni haka nake yi.

Maman Ilham: Allah ya biya ki 'yar uwa, zan gwada in nuna masa ko zai yarda

Ibro Maraɗi: Wata tambaya, da wane harshe za a rubuta allon? Nan Maraɗi da yawa Couture suke sawa, na san can kuma Fashion Design ne ko'ina

Baba Ɗanjuma mai fenti: Ya danganta da wanda ke bin layin. A Tarauni wanda zai ɗinka babbar riga ya san tela, ba ya buƙatar Turanci, kuma TELA harafi huɗu ne ka ga sai ya samu girma. Da a Sabon Gari shagon yake da na ce ya ƙara Turancin. Abu ɗaya dai, in za a sa ƊINKIN MAZA kamar yadda Ibro ya ce kuma fleks za a buga ba fenti ba, ka tsaya a kan mai kwamfutar ka ga harafin farko ya fito da ƙugiyarsa, wasu salon rubutun ba su da shi sai ya fito kamar ɗan akwati ko ya bambanta da sauran.

Kuma tunda an zo maganar bugawa, kar ka bari a buga sai ka ga samfurin a fuskar kwamfuta, ka ɗauki wayar wani ka danna lambar kana karantowa daga samfurin ba daga kanka ba, ka ji ta shiga wayarka. Na sha ganin allon da aka juya lamba biyu, mai shi ya yi watanni bai sani ba yana cewa allo ba ya kawo kowa. A raba lambar gida uku, huɗu uku huɗu, ido ya fi kama ta. Guda ɗaya kuma, wadda ke da WhatsApp, mai wucewa ba zai haddace biyu ba. Launi ka yi fari a kan shuɗi mai duhu ko baƙi a kan fari ko rawaya. Ja a kan fleks shi rana ke fara cinyewa, in ƙofarka na kallon yamma kafin ka ankara ya koɗe.

Auwalu Tela: Yamma take kallo kuwa Baba. Mai fleks ɗin ya ce zai sa min hoton wani ɗan fim da babbar riga a gefe ɗaya, ɗaya gefen kuma almakashi da keke

Sadiya Kaduna: A'a don Allah kar ka sa hoton mutumin da bai ba ka izini ba, kuma rigar da ke jikinsa ba kai ka ɗinka ba, wani zai shigo ya nuna ya ce irin wannan nake so sak. A shafi ma haka, kaftani uku da kai ka yi ka goge su da kyau ka rataya a jikin farin bango ka ɗauka da hasken safe, ka matso kusa ka ɗauki wuya da bakin hannu da aljihu don nan masu sanin ɗinki ke dubawa, sun fi hoto hamsin na aro

Baba Ɗanjuma mai fenti: Kuma hoto gefe biyu zai cinye maka kusan ƙafa biyu cikin shida, lissafin da na yi maka ɗazu ya rushe. In dole ne a sa almakashi ƙarami gefe ɗaya saboda wanda bai iya karatun boko ba, wannan yana da amfani.

Nura 09: To farashi fa, ba za a sa ba? Ni in na ga shafi ba farashi wucewa nake

Malam Sabo Fagge: A allo dai haram, zare da lainin da man janareta kullum tashi suke, ka buga kuɗi yau wata uku ya zama ƙarya. "Farashi mai rahusa" ɗin ma ya cire, yana jawo masu ciniki har ƙasa, kuma mai gezna mai tsada in ya ga rahusa tsoro yake ji ya ba ka.

Abba Gwale: A shafi ni ina goyon bayan a sa "kaftani daga naira kaza", ba a Bio ba, a Highlights ko a Catalogue na WhatsApp Business inda za a iya gyarawa. Yana rage masu "nawa ne" su ɓace. Amma na san teloli da yawa ba sa so saboda maƙwabcin shago zai gani ya rage ɗari biyar

Malam Sabo Fagge: Ba maƙwabci kaɗai ba, kaftani ai ba ɗaya ba ne, akwai mara aiki akwai mai aiki a wuya kawai akwai mai cika ƙirji, mutum zai riƙe ƙaramin kuɗin da ya gani ya zo da babban aiki

Auwalu Tela: Na gode ƙwarai jama'a Allah ya bar zumunci. Allon zan bi na Baba, layi uku, fari a kan shuɗi, almakashi gefe ɗaya, mata kuma na cire. Layi na biyu ne ban yanke ba tsakanin ƊINKIN MAZA da KAFTANI • BABBAR RIGA, zan sa mai kwamfutar ya fitar min da duka biyun a takarda in manna a ƙofa in tsallaka titi in duba. Shafin kuma Abba zan turo maka kwatancen shagon ka ga ko zai shiga cikin 150 ɗin. Maganar kwana 10 zan je gobe in ji ta bakin maigidana tukuna.

Ibro Maraɗi: In ka manna takardar ka samu wani dattijo a layin ya karanta maka daga tsallaken, kar ka dogara da idonka kai da ka riga ka san abin da ke ciki

Maman Ilham: Abba ni ma in na rubuta nawa zan turo nan ka ƙirga min haruffan don Allah